Saƙon bayan ciniki a wani shagon yadi na Aboabo, Kumasi: yadda ya bar akwatin Spam ya fara samun amsa

## Shagon da masu sayensa

Shagon na wata Hajiya ne a Aboabo, cikin zangon Kumasi. Tana sayar da shadda, leshi, atamfa, mayafai da ɗinkakkun abayoyi. Ta daɗe tana kasuwanci gaba da gaba, daga baya ta koma ɗora hotuna a WhatsApp, sai a 2023 ɗan ƙanwarta, ɗalibin jami'a, ya buɗe mata ƙaramin shafin intanet inda mai saye zai zaɓi kaya ya biya da MoMo, wato kuɗin waya, ko da katin banki. Shafin biyan kuɗin ba ya barin a wuce sai an rubuta adireshin imel, domin can yake tura rasit. Ta haka shagon ya tara adireshin mutane ba tare da ya nema ba.

Masu saye ta shafin iri uku ne, kuma bambancinsu zai yi tasiri a gaba. Akwai na cikin Kumasi, su Asawase, Tafo da Sabon Zango, waɗanda mai babur ke kai wa kaya a ranar ko washegari. Akwai na nesa, Nima da Madina a Accra, Tamale, Wa, Bawku, waɗanda ake sa wa ƙunshi a motar haya su je tasha su karɓa. Sai 'yan zango mazauna waje, a Bronx ko Hamburg ko Landan, masu biya daga can a kai wa uwa ko mata a gida. A wata mai sauƙi odar da ke shigowa ta shafin takan kai hamsin, gab da Sallah kuma ta ninka.

## Janairu 2024: ƙorafin da ya biyo ta wata hanya

A farkon shekara wata ƙawar Hajiya ta dawo daga biki a Tamale da labari. An yi zancen shagon a cikin taron mata, wata ta ce leshin da aka turo mata ba launin da ta gani a hoto ba ne, ta dai haƙura ta ɗinka. Hajiya ta duba littafinta ta gano matar. Watanni biyu da cinikin, ba ta kira ba, ba ta rubuto ba, ba ta kuma sake saye ba.

Wannan hali sananne ne a zango. Mai saye takan ji nauyin gaya wa babbar mace cewa kayanta ba su yi ba, balle idan akwai sanayya ko surukuta a tsakani. A shago ana gane rashin gamsuwa a fuska, ko a yadda mutum ke juya yadi yana jan lokaci. A intanet babu fuskar da za a karanta. Abin da Hajiya ta nema a wurin yaron nan, ɗan ƙanwarta, shi ne hanyar da ƙorafi zai zo mata kafin ya je gidan biki. Ya ce mata, "Mma, ai muna da imel ɗin kowa. Zan sa manhaja ta riƙa tambayarsu da kanta."

## Fabrairu zuwa ƙaramar Sallah: saƙo na farko

Ya yi rajista da wata manhajar tura saƙonni da yawa a lokaci guda, ya ɗauki ɗaya daga cikin tsararrun saƙonninta. Saman saƙon babban hoton tambarin shago ne, ƙasa da shi taurari biyar da za a latsa, sai linki zuwa fom mai tambayoyi tara, sai hotunan sababbin kaya guda shida da alƙawarin ragin kashi 10 cikin ɗari a ciniki na gaba. A filin Subject an rubuta da manyan baƙaƙen Turanci cewa ra'ayinka na da muhimmanci gare mu, da alamun motsin rai uku. Sunan mai aikowa adireshin Gmail na shagon ne. An saita shi ya fita awa 24 bayan an biya kuɗi.

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙaramar Sallah a watan Afrilu saƙo 140 ya fita. Mutum uku suka latsa tauraro, ba wanda ya cike fom ɗin har ƙarshe. Manhajar kuwa tana nuna cewa kusan rabin saƙonnin an buɗe su, abin da ya sa yaron ya daɗe yana ganin matsalar ta mutane ce, ba ta saƙon ba.

Wannan adadi na buɗewa ba abin dogaro ba ne. Manhajojin nan suna ƙirga buɗewa ne ta wani ɗan hoto da ba a gani da suke sakawa a cikin saƙo, idan an sauke shi sai su rubuta an karanta. Tun 2021 manhajar Mail ta Apple take sauke irin waɗannan hotuna da kanta ga wanda ya kunna kariyar sirri, ko ya duba saƙon ko bai duba ba. Da yawa daga masu saye na ƙasar waje da wayar Apple suke amfani.

Da ya ga shirun ya yi yawa sai ya yi gwajin da ya kamata a fara da shi. Ya tura saƙon zuwa adireshin abokansa biyar, ya roƙe su su faɗa masa inda ya sauka. Biyu sun same shi a Spam, uku a ƙarƙashin Promotions, inda Gmail ke tara saƙonnin talla, babu ko ɗaya a Primary, babban akwatin da ake fara gani. A wayar Android, wadda ita ce a hannun yawancin masu sayen gida, Gmail ba ya yawan sanar da mutum saƙon da ya faɗa Promotions, kuma mai imel ɗin da ba ya buɗewa sai don karɓar lambar sirri ba zai je nema can ba.

Dalilin faɗawa Spam ya dace da wani sauyi da ya zo a daidai wannan lokaci. Daga Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa ga masu aika saƙo. Kowane mai aikawa sai ya tabbatar da cewa shi ne, ta hanyar SPF ko DKIM, wasu hanyoyi biyu na shaida cewa saƙo daga mai adireshin ya fito, masu aika dubu biyar ko fiye a rana kuma sai sun haɗa duka biyun da DMARC, wanda ke faɗin abin da za a yi da saƙon da shaidarsa ba ta tabbata ba. Shagon bai kusa dubu biyar ba, amma saƙonsa yana cewa daga gmail.com yake alhali daga injin wani kamfani ya fito. A idon mai tacewa, wannan ya yi kama da aikin masu sojan gona.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda ba ta da alaƙa da injin kowa. Awa 24 bayan biya, kayan mai saye na Wa ko Bawku sau da yawa ba su bar tashar Kumasi ba, musamman a cikin azumi da kaya ke cunkushewa. Ana tambayarsa taurari nawa zai ba shaddar da bai gani ba, kamar a tambayi baƙo daɗin miya tukunya na kan murhu. Wata mata a Madina ta kira a fusace, ta ɗauka saƙon na nufin an rubuta kayanta sun isa alhali ba ta karɓa ba.

## Afrilu: an gyara adireshi, an ƙara tunatarwa

Bayan Sallah yaron ya kama ɓangaren fasaha. Shafin shagon dama yana da sunansa na intanet, don haka ya buɗe adireshin imel a ƙarƙashin wannan suna, ya kwafi bayanan SPF da DKIM da manhajar ta ba shi zuwa DNS na shafin, wato rajistar bayanan sunansa na intanet, ya ƙara layi ɗaya na DMARC mai wannan siffa:

```
_dmarc.example.com  TXT  "v=DMARC1; p=none"
```

Don ya tabbatar, ya tura wa kansa saƙo, ya buɗe shi a kwamfuta, ya latsa Show original a Gmail. Can ake ganin layuka uku, SPF, DKIM da DMARC, kuma ukun sun nuna PASS. Da ya maimaita gwajin abokai biyar, ba wanda ya same shi a Spam. Amma duk biyar ɗin a Promotions suka gan shi, domin siffarsa ba ta canza ba: hotuna, linkuna da yawa, da maganar ragi.

Sai ya ƙara abin da ya gani wasu shaguna na yi. Wanda bai amsa ba za a tuna masa bayan kwana uku, a sake bayan mako, a sake bayan mako biyu. Cikin odar wajen sittin da aka yi a wannan tsakanin, huɗu suka ba da tauraro, duka biyar biyar, babu kalma ko ɗaya a rubuce. Mutum shida suka latsa Unsubscribe don a daina turo musu. Wani tela a Nima da ke sayen shadda a kai a kai ya gaya wa Hajiya a waya, cikin raha amma da gaske, cewa ya latsa Report spam don saƙonnin sun ishe shi.

Latsawa guda ba ƙaramin abu ba ne ga ƙaramin shago. Ƙa'idar Google ita ce kada ƙorafin ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato uku a cikin saƙo dubu. Ga mai tura saƙo ɗari biyu a wata, mutum ɗaya ya kai shi kashi 0.5. Sannan Postmaster Tools, shafin Google da ake duba wannan adadi, ba ya nuna komai ga mai aika kaɗan, saboda haka ƙaramin shago ba ya ganin sunansa yana lalacewa sai saƙonninsa, har da rasit, sun fara ɓacewa.

A wannan watan ne wata abokiyar cinikin shagon, ma'aikaciyar banki a Adum, ta ja hankalinsu ga doka. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana ta 2012, wato Act 843, ta hana amfani da bayanan mutum wajen tura masa talla kai tsaye sai da amincewarsa a rubuce tun farko, kuma akwai hukumar da ke kula da wannan. Wanda ya rubuta imel don a turo masa rasit bai ce a turo masa hotunan sabon leshi ba. Tambayar ko kaya sun isa lafiya ɓangare ne na cinikin da aka yi, amma hotuna shida da ragin nan sun mayar da saƙon talla. Hajiya ta ce a dakatar da komai.

## Mayu: an sake rubuta saƙon daga tushe

Sun zauna su uku, Hajiya da yaron da yarinyar da ke ɗaure kaya. Tambayar da Hajiya ta yi ita ta sauya alƙiblar aikin: idan mai saye ba ta ji daɗin kaya ba, har zuwa yaushe za a iya gyarawa? A sana'ar yadi amsar a fili take. Har zuwa lokacin da tela ya sa almakashi. Yadin da ba a yanka ba ana karɓarsa a sayar wa wani, wanda aka yanka kuwa ya zama asarar wani. Mata da yawa sukan kai wa tela ƙunshin cikin kwanaki kaɗan, gab da Sallah ma wasu daga tasha suke wucewa wurinsa ba su ko warware ba.

Don haka aka daina ƙirga lokaci daga ranar biya, aka koma ƙirgawa daga ranar karɓa. Yarinyar ta buɗe jadawali mai ginshiƙi biyar: suna, abin da aka saya, gari, ranar da aka tabbatar an karɓa, da wanda ya biya idan ba shi ne mai karɓa ba. Na cikin gari mai babur ke tabbatarwa, na nesa kuma dama ana kiransu a ce kaya sun sauka. Saƙon yadi yana fita washegarin karɓa da safe. Na abaya ana jinkirta shi mako guda, domin lahaninta, ko zubar launi ko sakin ɗinki ko tsukewa, sai an sa an wanke yake bayyana.

An cire hotuna duka, da taurari, da fom, da ragi. Saƙon ya koma rubutu zalla, yana fita ɗaya bayan ɗaya daga akwatin shagon, da sunan Hajiya a filin From, amsa kuma wannan akwati take dawowa. Sun yi gardama a kan harshe. Yawancin 'yan zango da Hausa suke magana amma da Turanci suka koyi karatu, rubutun Hausa na boko yana yi wa da yawansu nauyi. Aka tsaya a kan Turanci mai sauƙi da sallama da addu'a irin tamu, sai ga waɗanda aka san suna rubuto Hausa. Ga na Hausar, kamar yadda ake cike shi ga mai sayen shadda. A filin Subject: Shaddarki ta iso lafiya? A ciki kuma:

"Assalamu alaikum Hajiya. Shaddar nan shuɗiya, yadi goma, da muka sa miki a mota ranar Talata, mun ji kin karɓa jiya. Allah ya sa a kashe lafiya. Kafin ki kai wa tela, don Allah ki warware ta a haske ki duba launi da tsawo. Akwai abin da bai zo yadda kika zata ba? Ki amsa wannan saƙon kawai, ni zan karanta. In rubutu zai ɗauke miki lokaci, ki turo murya ta lambar da muka yi magana. Muddin ba a yanka ba za mu musanya. Ba za mu sake damunki da wani saƙo a kan wannan cinikin ba."

Sun daɗe a kan tambayar tsakiya. Yaron ya so a rubuta "Kin gamsu da kayanmu?" Hajiya ta ce masa, "Kai ɗan nan, in ka tambaye ni haka ko tsumma ka ba ni zan ce alhamdulillahi." Tambayar gamsuwa tana neman mutum ya yanke wa mai shago hukunci, kara kuwa ba ta barin haka. Tambayar abin da bai zo yadda aka zata ba tana nuna mai shago ta riga ta yarda ana iya samun kuskure, mai amsa kuma yadi take bayyanawa, ba halin Hajiya ba. Ambaton launi da tsawo ma da gangan ne, yana ba mutum abu biyu ƙayyadaddu da zai duba.

Ga na ƙasar waje an yi wani rubutu daban. Wanda ya biya daga Bronx bai ga kayan ba, tambayarsa launi ɓata lokaci ne. Shi ana sanar da shi cewa an kai wa Mma a Asawase rana kaza, hannu da hannu, a roƙe shi idan ya yi waya da ita ya tambaye ta ko akwai abin da take so a canza kafin ɗinki. Tunatarwa kuwa an soke ta gaba ɗaya. Wanda ya yi shiru an bar shi. A gwajin abokai biyar, wannan karon huɗu sun same shi a Primary.

## Yuni zuwa Agusta: abin da amsoshin suka kawo

Daga ƙarshen Mayu, ta cikin hada-hadar babbar Sallah a Yuni, zuwa ƙarshen Agusta, an tura saƙo 190. Amsa 61 ta dawo, kusan kashi ɗaya cikin uku. Fiye da rabinsu ba ta imel suka zo ba, murya ce aka turo ta WhatsApp bayan an karanta imel ɗin. Yawanci godiya ce da addu'a. Goma sha huɗu na ɗauke da ƙorafi, kuma sun taru ne a kan abubuwa uku.

Mafi yawa launi ne, kuma a kan shuɗi da ruwan hoda ya fi faruwa. Da aka jera hotunan shafin kusa da yadin sai aka ga dalili. Ana ɗaukar hoton ne a cikin shago ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, wayar tana ƙara haske da kanta, shadda kuma tana da sheƙi, sai launi mai duhu ya fito a buɗe. Aka koma ɗaukar hoto a inuwar ƙofar shago da hantsi, a ajiye farin ƙyalle a gefe don ido ya samu abin kwatanci. A Agusta ƙorafin launi ɗaya kawai aka samu.

Na biyu ya fi ban sha'awa, don babu tauraron da zai iya bayyana shi. Wani Alhaji a Hamburg ya biya shadda goma don a ɗinka wa ƙaninsa babbar riga da 'yar ciki da wando a Tamale. Ya samu saƙon sanarwa, ya kira ƙanin, ƙanin ya kira tela, telan ya auna ya ce kaya sun gaza. Alhajin ya rubuto cikin ladabi mai zafi yana tambayar ina sauran. Yarinyar ta duba, goma cif aka auna. Ashe shafin lambar 10 kawai ya rubuta ba tare da ya ce yadi ko mita ba. Shi a Jamus mita ya sani, kuma shadda a wurare da yawa da mita ake sayar da ita. Yadi ɗaya santimita 91.44 ne, yadi goma mita 9.14 ke nan, giɓin santimita 86. Ga doguwar rigar mace ba za a lura ba, amma ga babbar rigar dogon mutum yana iya cin hannu. Tun da ba a yanka ba, Hajiya ta karɓi kayan, ta tura yadi goma sha ɗaya, Alhajin ya biya na yadi guda ita ta ɗauki kuɗin mota. A ranar aka gyara shafin, kowane kaya da tsawonsa a yadi da kuma a mita.

Na uku bai shafi yadi ba. Wasu sun ce ƙunshinsu ya kwana biyu ko uku a ofishin kaya na tasha ba wanda ya kira su. Shagon ya fara ɗaukar hoton takardar kaya yana tura wa mai saye da zarar an sa a mota.

Ƙa'idar amsawa ita ce a ranar, ko washegari kafin azahar. Ƙorafi ba a amsa shi da dogon rubutu, Hajiya ce ke kira da bakinta. Cikin goma sha huɗun an musanya kaya shida, an mayar wa mutum biyu wani ɓangare na kuɗi saboda an riga an yanka, sauran bayani da ban haƙuri suka wadatar.

Batun neman sharhi a bainar jama'a sai a Yuli ya dawo. Yaron ya ba da shawarar a tura linkin shafin shagon na Google Maps ga waɗanda suka yaba kaɗai, da ɗan ragi. Da ya karanta ƙa'idojin Google sai ya ga an hana duka biyun, zaɓen masu yabo kaɗai da kuma biyan lada a kan sharhi. Aka tsaya a kan cewa duk wanda ya amsa, ya yaba ko ya koka, idan maganarsa ta kammala za a rufe da layi ɗaya mai linkin, a ce in ya ga dama. Wanda bai amsa saƙon farko ba ba a tura masa. Mutum tara suka rubuta, ciki har da Alhajin Hamburg, wanda ya ba da labarin mitar da yadda aka warware.

## Satumba: abin da za a iya cewa

Gyaran SPF da DKIM ya zama dole, amma shi kaɗai bai kawo amsa ba. Watan Afrilu ya nuna haka: saƙon ya fita daga Spam, mutane suka gan shi, suka yi banza da shi, wasu ma suka fusata. Abin da ya fi nauyi, a ganina, shi ne ɗaure saƙon da ranar karɓa da kuma almakashin tela. Saƙo na farko aiki yake nema daga mai saye don amfanin shago, taurari da tambayoyi tara. Na Mayu yana zuwa a lokacin da karanta shi zai iya ceton kuɗin mai saye, ya ambaci kayan da ya saya da ranar da aka tura, abin da mai tura saƙon banza ga dubban mutane ba zai iya sani ba. Alƙawarin cewa ba za a sake turowa ba shi ma ya yi aiki, tunda daga Mayu ba wanda ya sake cewa an dame shi.

Sai dai lissafin yana da iyaka. An canza lokaci da siffa da tambaya da sunan mai aikowa a tashi ɗaya, don haka ba za a iya ware kason kowanne a cikin amsa 61 ɗin ba. Hajiya ta yi imanin masu dawowa sun ƙaru, amma watanni uku da Sallah a tsakiyarsu ba su isa hujja ba. Mutum 129 da suka yi shiru ba a san halinsu ba, kuma kuskure ne a ɗauki shirunsu gamsuwa, tunda matar Tamale ma shiru ta yi. Wasu adireshin ma na 'ya'ya ne ko na wanda ya taya biya, wasu ba a taɓa buɗe su. Ga irin waɗannan, musamman dattawa, yarinyar ta fara yin tambayar da baki kwana ɗaya bayan karɓa.

Tsarin yana cin lokaci. Cike saƙo da hannu, duba jadawali da sauraron muryoyi kan ɗauki yarinyar kusan rabin awa kowace safiya, a makon Sallah kuma ya ninka, har wasu saƙonnin suka makara da kwana biyu, biyu daga cikinsu bayan an yanka, kuma su ne waɗanda aka mayar wa kuɗi. Kafin azumin 2025 yaron ya shirya haɗa jadawalin da akwatin imel, ta yadda rubuta ranar karɓa zai tanadi saƙon da suna da kaya a ciki, ya jira yarinyar ta duba ta latsa Send. Hajiya ta amince da sharaɗi biyu: kada hoto ko ragi ya sake shiga, kuma kiran mai ƙorafi ya ci gaba da zama nata.